Kafin Takardar Neman Aiki, Nuna Aikin Hannunka

Tun daga 1973 da aka kafa shirin bautar ƙasa a Najeriya, kowace shekara matasa ke ajiye kakinsu su shiga neman aiki. Takardunsu kusan iri ɗaya ne: digiri, shaidar kammala bauta, da layin nan da kowa ke rubutawa cewa ya iya kwamfuta. Mai ɗaukar ma'aikata ba shi da hanyar tantance wanda ya iya da wanda ya faɗa kawai. Gani ya kori ji. Shi ya sa sunan da sabon mai digiri zai gina wa kansa ya kamata ya tsaya a kan aikin da baƙo zai iya buɗewa ya duba da idonsa.

Mu ɗauki misalin wadda ta karanta lissafin ƙididdiga ko tattalin arziki, tana neman aikin nazarin alƙaluma. Ba ta taɓa aiki a kamfani ba, amma kayan aiki na nan kyauta. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana fitar da rahoton farashin abinci mai suna Selected Food Prices Watch, wanda ke nuna matsakaicin farashin shinkafa, wake, gari, tumatir da albasa a faɗin ƙasa da kuma shiyya-shiyya.

Matakin farko shi ne ta zaɓi tambaya guda, ƙarama. “Tsadar abinci a Najeriya” ta yi faɗi. Amma “Yaya farashin wake ya sauya a Arewa maso Yamma cikin wata 12?” tambaya ce da za ta iya amsawa a mako ɗaya. Sai ta tattara alƙaluman a Excel, kowane wata a layinsa, ta lissafa sauyin da wannan ƙa'ida:

```
=(B3-B2)/B2
```

Idan kilo ya tashi daga naira 1,000 zuwa 1,250, an samu ƙarin kashi 25 cikin ɗari ke nan. Daga nan ta zana jadawali ɗaya, ta rubuta jimla uku a ƙasansa: abin da ta gano, inda ta samo alƙaluman, da abin da alƙaluman ba su nuna ba.

A jimlar nan ta uku ne gwaninta ke bayyana. Duk wanda ya san kasuwar hatsi ta Dawanau a Kano ya san farashi yakan sauka da kaka, ya hau idan damina ta yi nisa rumbuna sun yi ƙasa. Wanda ya kwatanta farashin Agusta da na Disamba ya ce tsada ta ƙare, ya yaudari kansa. Daidai shi ne a kwatanta Disamba da Disambar bara. Haka kuma hukumar da kilo take auna wake, alhali mai saye da kwano ko mudu yake saye, kuma girman kwano ya bambanta daga gari zuwa gari. Idan ta faɗi waɗannan da kanta, mai dubawa zai gane cewa ta fahimci abin da ke bayan lambobin.

Sai ta wallafa a LinkedIn, ta maƙala aikin a sashen Featured don ya zama abin da mai ziyara zai fara gani, tare da hanyar buɗe asalin fayil ɗin. A layin da ke ƙarƙashin sunanta, maimakon “mai neman aiki”, ta rubuta abin da take yi: nazarin farashin kayan abinci da Excel. Wata mai zuwa ta yi na shinkafa, na gaba ta yi na albasa. Aiki uku a fanni ɗaya sun fi goma a warwatse, domin da su ne mutane za su riƙa tuna ta da abu guda.

Akwai ramuka biyu. Na farko, kwafo aikin da aka koyar a kwas a ce nasa ne. Masu ɗaukar aiki sun sha ganin irinsa, kuma tambaya ɗaya a ganawa takan tona asiri. Na biyu ya fi haɗari: ɗauko bayanan wurin da mutum ya yi bautar ƙasa, kamar sunayen ɗalibai, marasa lafiya ko abokan ciniki, a baje a fili. Wannan cin amana ne, kuma Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta hana amfani da bayanan mutane ba bisa ƙa'ida ba. Babu kamfanin da zai damƙa sirrinsa ga wanda ya fallasa na wani.

Yawan yabon 'yan'uwa da abokai ba shi ne ma'aunin nasara ba. Alamar gaskiya ita ce baƙo daga cikin fannin ya yi tambaya kan yadda aka yi lissafin, ko ya nuna gyara, ko ya nemi a yi masa makamancinsa. Idan an nuna mata kuskure, ta gyara a fili ta yi godiya, domin mai ɗaukar aiki yana son ganin yadda mutum ke karɓar gyara. Idan kuma wata uku sun wuce shiru, ta sake duba tambayar da ta zaɓa, ta kuma aika aikin kai tsaye ga ma'aikatun da ke hulɗa da irin waɗannan alƙaluma, haɗe da takardar neman aikinta.