Jawabin Buɗe Ƙungiyar Harbin Kibiya: Darasin Farko Kafin a Taɓa Baka

Ranar da makaranta za ta buɗe ƙungiyar harbin kibiya, idon yara ba ya kan mai jawabi. Yana kan bakunan da aka jera a gefen fili, kowa na ɗokin a miƙa masa nasa. Su kuwa iyaye, zuciyarsu na kan tambaya guda: anya ba za a tsone wa ɗana ido ba? Malamin da zai yi magana a wannan rana yana tsakanin ɗokin yara da fargabar iyaye, kuma 'yan mintuna kaɗan gare shi. Idan ya ƙarar da su wajen yabon wasa da jero sunayen manyan baƙi, ya yi asarar darasin farko, wanda ya fi kowane darasi zama a kan yaro.

Kwari da baka ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa, tunda har sarautar Sarkin Baka muke da ita. Amma maharbi a dawa shi ke zaɓar lokacin harbinsa. A filin makaranta kuwa yara da yawa ne ke tsaye a layi ɗaya, kuma su ne za su taka zuwa wurin da kibau ke sauka don su ciro su. Saboda haka dole a sami murya guda da za ta raba lokacin harbi da lokacin tafiya. Wannan murya ita ce usur ɗin mai horarwa, kuma a kansa ya kamata a gina jawabin.

Mu ɗauka malamin wasanni ya miƙe, usur rataye a wuyansa. Bayan sallama sai ya ce: "Ranka ya daɗe shugaban makaranta, iyayenmu, muna godiya da zuwanku. Ku kuma 'ya'yana, yau ba wanda zai yi harbi sai ya haddace busa huɗu." Daga nan ya busa su ɗaya bayan ɗaya, yara na maimaita ma'anarsu da ƙarfi. Busa biyu: ɗauki bakanka ka zo layin harbi. Busa ɗaya: ɗana kibiya ka fara. Busa uku: an gama, a je a ciro kibau. Busa biyar ko fiye: akwai haɗari, kowa ya tsaya cak.

Ba malamin ne ya ƙirƙiro wannan tsari ba. Da shi ake aiki a shirin harbin kibiya na makarantu da aka fara a jihar Kentucky ta Amurka a 2002, inda ɗalibai ke harbi daga nisan mita 10 da mita 15, kuma irin alamun nan ake bi a gasannin duniya. Busa ta ƙarshe ita ta fi bukatar bayani, domin tana karo da abin da jiki ke so. Yaron da ya ja tsirkiya har fuska, ya saita, sakinta kawai yake jira. Sai malamin ya ce: "Idan ka ji busa biyar, ko da ka gama saiti, kada ka saki. Karkata baka ƙasa, ka mayar da tsirkiya a hankali, ka cire kibiyar ka mayar da ita kwari. Wataƙila akuya ce ta ratso, wataƙila ƙanenka ne ya biyo ƙwallo ta bayan allo." Ya kuma sanar da su cewa duk wanda ya hango haɗari, ko ɗan aji ɗaya ne, yana da ikon ya ɗaga murya ya ce a tsaya. Ladabi a wannan fili ke nan: ka iya fasa harbin da ranka ke so.

Daga nan sai jawabin ya sauko kan kurakuran da sababbin maharba suka fi yi, kuma gara a nuna su da hannu da a karanto su daga takarda. Kibiya ta suɓuce ta faɗi gaban layi, yaro ya sunkuya zai ɗauko: a'a, ya bar ta, ya ɗaga hannu, malam ya ba shi wata. An busa uku, yara sun ruga da gudu: a'a, tafiya ake yi, domin gindin kibiyar da ke kafe a allo yana daidai tsayin ido. Mai cirewa ya tsaya daga gefe, ya waiwaya ya tabbata ba kowa a bayansa, ya dafa allo da tafin hannu ɗaya, ya zaro kibiyar a miƙe da ɗayan. Ba a kuma jan tsirkiya a saki babu kibiya, domin ƙarfin da ya kamata ya tafi da kibiyar zai koma cikin bakan, yana iya tsaga shi a hannun mai riƙe da shi. Kibiya mai tsagewa a ajiye ta gefe. Ɗalibai mata su cusa gefen hijabi yadda tsirkiya ba za ta kama shi ba, maza su naɗe hannun riga mai faɗi, kowa ya ɗaura fatar da ke kare damtsen hannu daga bugun tsirkiya.

Maganar natsuwa kuwa, cewa yaro "ka mai da hankali" ba ta koya masa komai. Lissafi ɗaya ya fi ta aiki. Maharbi yana jan tsirkiya zuwa wuri guda a fuskarsa kowane lokaci, galibi gefen baki ga mai koyo. A ce tsawon jan yaro santimita 70 ne, allo kuma na nisan mita 10. Idan hannunsa ya goce daga wannan wuri da santimita 1 kacal, kibiyar za ta kauce da kusan santimita 14. A allo mai faɗin santimita 80, inda kowane zobe ke da kaurin santimita 4, wannan ya isa ya fitar da ita daga tsakiyar rawaya mai maki 10 zuwa ja mai maki 7. Malamin ya ɗaga ɗan yatsa ya ce: "Faɗin wannan farcen ne ya cinye maka maki uku." Yaron da ya ga haka ya gane dalilin da ya sa ba a hira a layin harbi, ba a kuma kallon allon maƙwabci. Ya gane cewa da farko ba tsakiya ake nema ba. Ana so ne kibau su taru wuri guda, domin taruwarsu ita ce shaidar cewa hannu na maimaita abu ɗaya.

Kafin ya zauna, mai jawabi ya juya ga iyaye da alkawuran da za su iya bincika da idonsu: ba harbi sai mai horarwa na nan, baka da kibau a kulle suke bayan darasi, an killace bayan allo ba hanyar wucewa, kuma bakan koyo mai sauƙin ja ne, bai wuce nauyin kilo 9 ba. Ya faɗi hukunci a gaban kowa: wanda ya auna mutum da baka, ko da wasa, ko babu kibiya, ya bar fili.

Sai ya ɗaga kibiya guda ya rufe: "Hausawa sun ce magana zarar bunu ce. To, kibiya ta fi ta, in ta bar tsirkiya ba mai kiranta ta dawo. Duk tunanin da za ka yi, ka yi shi tana hannunka." Ya sa usur a baki, ya busa sau biyu, yaran layin farko suka taso a natse zuwa layin harbi.