Biyan shekara ko na wata-wata: lissafin da ya kamata ka yi kafin ka danna

Duk wanda ke biyan kuɗin wata manhaja ko tashar kallo ta intanet ya san tambayar da ke jiransa a shafin biya: shekara za ka biya gaba ɗaya, ko wata-wata? Kamfanoni da yawa suna yi wa mai biyan shekara rangwamen kusan wata biyu. A ƙasar da kuɗinta ke zaune lafiya, lissafin ya ƙare a nan. A Najeriya kuwa, tun da Babban Bankin Ƙasa ya saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023, akwai tambayar da ta riga wannan: da wane kuɗi aka yanka farashin, dala ko naira?

Mu fara da na dala, mu ɗauki Microsoft 365 na mutum ɗaya, wanda ɗalibai da masu shagon buga takardu ke amfani da shi. Kafin 2025 farashinsa a dala shi ne 69.99 a shekara, ko 6.99 a wata. Mu cike su, mu ce dala 70 da dala 7. Mai biyan wata-wata zai kashe dala 84 a shekara, wato ya ɗara ɗan'uwansa da dala 14.

Yanzu a ce mutum ya biya shekara a watan Mayun 2023, lokacin da dala ke wajen naira 750 a hannun 'yan canji. Ya fitar da naira 52,500, ya huta. Maƙwabcinsa ya zaɓi wata-wata, ya fara da naira 5,250, abin da bai yi masa nauyi ba. Sai dala ta yi ta hawa: ta haye dubu ɗaya kafin ƙarshen shekarar, ta kai wajen 1,800 a watan Fabrairun 2024, inda dala bakwai ɗin nan ta koma naira 12,600. Idan muka ƙaddara cewa tsaka-tsakin abin da ya sayi dala a watanni goma sha biyun naira 1,100 ne, ya kashe naira 92,400. Bambancin ya kusa dubu arba'in, kuma mafi yawansa daga canji ya fito, rangwamen kamfani ɗan kaɗan ne a ciki. Mai biyan shekara ya yi irin ta magidancin da ya sayi buhun gero da kaka, ɗayan kuma ya yi ta awo da mudu har cikin damina.

Amma a juya lissafin. Wani ya tsorata da hawan dala, ya ruga ya biya shekara a wannan Fabrairun, a kan 1,800: naira 126,000 ke nan. Cikin makonni kaɗan naira ta farfaɗo, dala ta sauko ƙasa da 1,200 a watan Afrilu, kafin ta sake hawa. Idan mai wata-wata ya samu tsaka-tsakin 1,500, dala 84 ɗinsa ita ma naira 126,000 ce cif. Rangwamen ya narke gaba ɗaya, ga shi kuma na farkon ya rabu da kuɗinsa tun ranar farko.

Daga nan ake samun ma'aunin da nake ganin ya fi kowane amfani. In rangwamen shekara na wata biyu ne, mai wata-wata ba zai ci riba ba sai tsaka-tsakin farashin dala a shekarar ya faɗi da fiye da kashi ɗaya cikin shida na farashin ranar da za ka biya. In yau dala na 1,500, tambayi kanka ko kana ganin za ta shekara a ƙasa da 1,250. In ba ka gani ba, biyan shekara ya fi. Lokacin da ya kamata ka dakata shi ne makon da dala ta yi tsalle kwatsam, kowa na rububin saye. A irin wannan mako, biya wata ɗaya ko biyu, ka bar ƙura ta lafa. Kuma farashin da za ka sa a lissafi shi ne wanda bankinka ko katin dalarka ke cira da gaske, haɗe da kuɗin caji, domin yakan ɗara wanda ake faɗa a labarai.

Na naira kuwa halinsa daban ne. Kamfanin da ya yanka farashi da naira shi ke haɗiye faɗuwarta na ɗan lokaci, sannan ya rama da ƙari mai tsoka a lokaci guda. Netflix ya ɗaga babban tsarinsa a Najeriya daga naira 4,400 zuwa 5,000 a Afrilun 2024, sannan 7,000 a Yulin shekarar. DStv Premium ya tashi daga 24,500 a Mayun 2023 zuwa 29,500 a Nuwamba, 37,000 a Mayun 2024, da 44,500 a Maris na 2025. Abin lura shi ne ƙarin yana zuwa ne a bayan faɗuwar naira, wani lokaci da watanni, kuma da wuya ya sauko in naira ta farfaɗo. Saboda haka in ka ga dala ta tashi amma farashin naira na abin da kake biya bai motsa ba tukuna, wannan ne lokacin biyan shekara, in akwai shi. Netflix dai wata-wata kawai yake karɓa. Inda kuma aka yarda ka biya watanni gaba, ka tabbatar an rubuta cewa farashin ya tsaya har ƙarshen wa'adi. In kuɗin ajiya ne kawai a asusunka da ake cira duk wata, sabon farashi zai cinye shi da wuri.

'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram ba su da wannan ciwon kai sosai, tun da sefa a ɗaure take da yuro, a kan 655.957. Abin da aka yanka da yuro ba ya motsa musu, na dala ne kawai ke ɗan lilo.

Akwai tarko biyu da ke cin mutane. Na farko shi ne tsarin da ake rubutawa "Annual, billed monthly", kamar yadda Adobe ke yi. Ka ɗaure kanka shekara guda, amma ana cirar kuɗin wata-wata, don haka in da dala ne, hawan canji zai same ka duk wata, in kuma ka fasa bayan kwanakin farko sai ka biya rabin abin da ya rage. Ga mai samun naira, wannan ya haɗa wahalar ɓangarorin biyu. Na biyu shi ne sabuntawa da kanta. Biyan shekara jinkirta ƙari yake yi, ranar sabuntawa zai zo maka a dunƙule. A Janairun 2025 Microsoft ya mayar da wancan tsari dala 99.99 a shekara. Wanda ya biya 52,500 a 2023, in ya bar katinsa a buɗe har sabuntawar 2025 kuma dala na 1,500, naira 150,000 za a zare masa a dare ɗaya.

Sai maganar jari. In kai ɗan kasuwa ne da kuɗinka ke juyawa ya kawo maka ribar da ta wuce rangwamen, ko sai ka ci bashi kafin ka biya shekara, to wata-wata ya fi maka ko da ya fi tsada a takarda. Haka ma abin da ba kullum kake buƙatarsa ba: mai kallon ƙwallo na kakar wasa kawai, ko ɗalibar da ke son manhaja don rubuta kundinta, ba su da dalilin sayen wata goma sha biyu. A rangwamen wata biyu, duk abin da za ka yi amfani da shi ƙasa da wata goma, biyan shekararsa asara ne.

In ka biya shekara, shiga saitin asusunka a ranar ka kashe sabuntawa da kanta, ka sa wa wayarka tunatarwa mako biyu kafin wa'adi ya cika, don ka sake yin lissafin da farashin dala na wannan rana.