Yadda Ake Karanta Zanen Ƙofofin Lojik: Waya Uku, Layi Takwas

Wanda ya fara ganin zanen ƙofofin lojik a littafin kwamfuta yakan ɗauka wani rubutun asiri ne: ga akwatuna masu baka-baka, ga layuka sun ratsa juna, ga ƴan ƙananan da'irori nan da can. Alhali kuwa tambaya ɗaya ce kawai zanen yake amsawa. In an kunna wannan waya an kashe waccan, me zai fito a ƙarshe, wuta ko babu?

Tushen abin lissafi ne. A 1854 George Boole, Baturen Ingila mai koyarwa a birnin Cork na ƙasar Ireland, ya wallafa littafin da ya mayar da hukuncin "gaskiya" da "ƙarya" lissafin da ake yi da 1 da 0. A 1937 kuma Claude Shannon, yana ɗalibi a jami'ar MIT ta Amurka, ya nuna cewa makunnan lantarki za su iya yin wannan lissafi da kansu. Daga nan 1 ta zama akwai wuta a waya, 0 ta zama babu.

Ƙofofi uku sun isa a fara da su. Ta farko ita ce AND, wadda ake zanawa kamar harafin D, bayanta a miƙe, gabanta a zagaye. Ba ta ba da 1 sai duk wayoyin da suka shige ta suna ɗauke da 1. Ta biyu OR, bayanta a lanƙwashe, gabanta da tsini. Ita kuwa ko waya ɗaya ce ta kawo 1, ya ishe ta, in duka biyun suka kawo ma 1 ɗin za ta bayar. Ta uku NOT, mai kusurwa uku da ƴar da'ira a bakinta. Waya ɗaya ke shigarta, aikinta juyawa: 1 ta koma 0, 0 ta koma 1.

Ga wani zane da injiniyoyi suke amfani da shi kullum, wanda suke kira maltifileksa. Wayoyi uku ne suke shigowa daga hagu, S da A da B. Wayar S tana tafiya kaɗan sai ta rabu biyu. Reshe ɗaya ya ratsa ƙofar NOT, ya fito ya haɗu da A a ƙofar AND ta sama. Ɗaya reshen ya zarce kai tsaye ya haɗu da B a ƙofar AND ta ƙasa. Abin da ƙofofin AND biyun suka fitar ya shiga ƙofar OR guda, daga bakinta kuma wayar ƙarshe ta fito, mai suna Q.

Matakin da ɗalibai suka fi tsallakewa shi ne wanda ya fi muhimmanci: a raɗa wa kowace waya ta tsakiya suna tun kafin a taɓa lissafi. A sa fensir a kan zanen, a rubuta X a bakin NOT, Y a bakin AND ta sama, Z a bakin ta ƙasa. Da an yi haka zanen ya koma jimloli huɗu gajeru:

```
X = NOT S
Y = A AND X
Z = B AND S
Q = Y OR Z
```

Sai a ƙirga layukan jadawalin gaskiya, wato teburin da ke nuna kowane hali da wayoyin shiga za su iya kasancewa da abin da zai fito. Kowace waya hali biyu gare ta, saboda haka waya uku na ba da 2 sau 2 sau 2, layi 8 ke nan. Akwai dabarar cike su ba tare da an manta ko an maimaita wani ba. Ginshiƙin B, na ƙarshe cikin masu shiga, ya riƙa sauyawa a kowane layi: 0, 1, 0, 1. Na A ya tafi bibbiyu, na S kuma hurhuɗu.

Daga nan a bi ginshiƙi-ginshiƙi, kada a bi layi-layi. A cike X gaba ɗayansa ta hanyar juya S: layuka huɗu na sama su sami 1, na ƙasa su sami 0. A koma kan Y, a rufe komai da hannu ban da A da X, a sa 1 inda duka biyun suke 1, wato layi na uku da na huɗu kaɗai. Z ma haka, ana duban B da S, sai 1 ta faɗo a layi na shida da na takwas. Q kuwa ta zama wasa, domin duk layin da Y ko Z take da 1, ita ma ta samu.

```
S A B | X Y Z | Q
0 0 0 | 1 0 0 | 0
0 0 1 | 1 0 0 | 0
0 1 0 | 1 1 0 | 1
0 1 1 | 1 1 0 | 1
1 0 0 | 0 0 0 | 0
1 0 1 | 0 0 1 | 1
1 1 0 | 0 0 0 | 0
1 1 1 | 0 0 1 | 1
```

Yanzu a zuba wa Q ido. A layuka huɗu na sama, inda S take 0, Q kwafin A ce sak, B ta yi abin da ta ga dama babu ruwanta. A huɗun ƙasa, inda S take 1, Q ta koma bin B. Ashe zanen mai zaɓe ne, kamar makunnin nan na bango da ake mayar da gida daga wutar Nefa zuwa ta janareta: S ce hannun da ke jan makunnin. Wannan fa ba a ganinsa a zane cikin sauƙi, jadawalin ne ya tona shi.

Kuskure yakan shigo ta ƙananan abubuwa. Layi biyu in sun ratsa juna da ɗigo baƙi a mahaɗarsu, a haɗe suke. In babu ɗigo, wucewa kawai suka yi. Ƴar da'irar nan ma takan maƙale a bakin AND ko OR, ta mayar da su NAND da NOR, masu ba da kishiyar amsa. Wanda kuma idonsa ya tsallake NOT a wannan zane zai ga layuka huɗu na sama duk sun ba da 0, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa shi zargi, tunda rabin jadawali ya mutu.

Mai son gani da ido zai iya haɗa shi da ƴan ƙananan aisi guda uku: 7404 mai ƙofofin NOT shida, 7408 mai AND huɗu, da 7432 mai OR huɗu. Kowanne ƙafa 14 gare shi, ta 14 tana karɓar bolt 5, ta 7 tana zuwa ƙasa. A irin waɗannan, abin da bai kai bolt 0.8 ba 0 ne, abin da ya haura bolt 2 kuma 1 ne. Sai dai a kula, ƙafar shiga da aka bari a sake ba 0 ba ce. Yawanci 1 take karantawa, sai fitila ta kama a layin da jadawali ya ce a kashe take.

Akwai kuma abin da jadawalin bai sani ba, wato lokaci. A ce A da B duka 1 ne, sai S ta sauka daga 1 zuwa 0. Jadawali ya ce Q ta zauna a 1, layi na takwas da na huɗu sun shaida. Amma Z takan riga faɗuwa, ita kuwa Y sai ta jira NOT ta gama juyawa kafin ta tashi, don haka Q na iya nutsewa zuwa 0 na ƴan nanosakan, kowanne kashi ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa. Maganinsa a ƙara ƙofar AND ta uku mai haɗa A da B, a kai ta ga OR. Ko ɗigo ba zai canza a ginshiƙin Q ba, amma nutsewar za ta ɓace.