Dalilin da ya sa agogon ofis ke zamewa da daƙiƙu duk mako

A cikin agogon bango da na'urar da ma'aikata ke dangwala yatsa da safe, akwai ɗan ƙanƙanen dutsen kwaz da aka yanka mai ƙafa biyu. Idan lantarki ya ratsa shi sai ya lanƙwasa, idan ya lanƙwasa kuma sai ya fitar da lantarki. Da haka batir ke sa shi karkarwa sau 32,768 a daƙiƙa guda, agogo ya yi ta raba adadin biyu har sau 15, ya sami daƙiƙa ɗaya.

Tsawon ƙafafun da taurin dutsen su ke yanke saurin karkarwar. Da yake kwaz ba ya saurin sauya siffa, kuma ƙarfi kaɗan yake ɓatarwa a kowane bugu, saurin nasa yakan tsaya daram.

Sai dai babu yankan da ba shi da ɗan kuskure. Shi ya sa masana'antu ke rubuta ±20 ppm, wato ana iya samun ƙari ko ragin kashi 20 cikin miliyan. Kwana guda daƙiƙa 86,400 ne, don haka agogon na iya zamewa da daƙiƙa 1.7 kullum, 12 a mako, kusan 52 a kwana 30. Idan wani agogo na gudu wani na jinkiri, tazararsu kan ninka haka.

Zafi ma na da nasa rabon. An daidaita dutsen ne a digiri 25 na ma'aunin Salshiyas; a ɗakin da ya kai digiri 40, yakan ƙara jinkirin kusan daƙiƙa 0.7 kullum.

Saboda kuskuren taruwa yake yi, na'urar da ba ta saita kanta ta intanet tana bukatar saiti duk wata, kafin ta rubuta wa wani makara.