Maɓallan Gefen Linzami: Aikin Babban Yatsa a Wasan Kwamfuta

A wasannin harbi irin su Fortnite da Counter-Strike, yatsu uku na hannun hagu suna zaune a kan W, A, S da D domin tafiyar da ɗan wasa. Da zarar ka ɗaga yatsa don danna 3 ka zaro wuƙa, ko G ka yar da bindiga, tafiyarka na iya tsayawa na ɗan ƙiftawar ido, abokin gaba kuwa abin da yake jira ke nan.

Shi ya sa ake amfani da maɓallan nan biyu na gefen linzamin kwamfuta, inda babban yatsan dama yake kwance ba ya aikin komai. Wasanni suna kiran su Mouse 4 da Mouse 5. Shiga saitin maɓallai na wasan, zaɓi aikin, sai ka danna maɓallin gefen. A Counter-Strike ana iya rubuta umarni:

```
bind mouse4 slot3
```

Wannan zai fito da wuƙa, wadda ɗan wasa ya fi sauri idan yana riƙe da ita.

A ganina, aikin dannawa ɗaya ne ya dace da wurin. Babban yatsa yana tura linzami gefe idan ya matsa, don haka aikin da ake riƙewa ana saiti zai karkatar da harbinka. Gwada a jikin bango: idan alamar saiti ta goce lokacin dannawa, mayar da aikin kan allon rubutu.

Idan wasan bai ga maɓallin ba, duba manhajar linzamin, kamar Logitech G HUB, wataƙila an ɗora masa wani aiki a can.