An Ce Kwana Ashirin, Aiki Ya Ci Arba'in: Ina Sauran Kwanakin Suke Ɓuya?

Duk wanda ya taɓa kai ɗinki wurin tela ana gobe Salla, ko ya ajiye takarda a buro aka ce masa ya komo jibi, ya san tazarar da ke tsakanin ranar da aka yi alkawari da ranar da aiki yake ƙarewa. Galibi akan ɗora laifin bisa ƙarya ko lalaci. Akwai su, ba a musu. Amma mutum mai gaskiya, mai ƙwazo, wanda ba ya nufin ruɗin kowa, shi ma idan aka tambaye shi kwana nawa aikinsa zai ɗauka, kusan kullum adadin da zai faɗa yakan gaza. Masana halayyar ɗan Adam sun bincike wannan al'amari, kuma abin da suka gano yana da amfani ga ma'aikacin gwamnati da shugaban ƙungiyar manoma baki ɗaya.

A shekarar 1979 ne masana biyu, Daniel Kahneman da Amos Tversky, suka fara bayyana wannan kuskure a rubuce. Shi Kahneman, wanda ya samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2002, ya ba da labarin yadda abin ya faɗa masa da kansa. Tun yana koyarwa a jami'ar birnin Ƙudus, ya tara wani kwamiti domin su wallafa littafin koyar da ɗaliban sakandare dabarun yanke shawara. Bayan sun yi kamar shekara guda suna aiki, sun rubuta ƴan babi, sai ya nemi kowa ya rubuta a takarda, ba tare da ya nuna ma ɗan'uwansa ba, lokacin da yake zaton littafin zai kammala. Amsoshin duka suka faɗa tsakanin shekara ɗaya da rabi da shekara biyu da rabi.

A cikinsu akwai Seymour Fox, shugaban sashen ilimin koyarwa, wanda ya ga kwamitoci iri-iri suna irin wannan aiki. Kahneman ya tambaye shi: waɗancan kwamitoci, daga inda mu muke yanzu, shekara nawa suka ƙara kafin su gama? Mutumin ya yi shiru, sa'an nan ya amsa cewa kimanin kashi 40 cikin 100 ba su gama ba sam, waɗanda suka gama kuwa bai san wanda ya yi ƙasa da shekara 7 ba, ko fiye da 10. Abin mamaki shi ne, shi ma Fox da hannunsa ya rubuta kamar shekara biyu, alhali wannan sani yana cikin kansa. Kwamitin ya ji, ya ci gaba da aiki kamar ba a faɗi kome ba. Sai bayan shekara 8 littafin ya kammala. Kafin nan sha'awar ma'aikatar ilimi ta gushe, kuma ba a taɓa koyar da shi a aji ba.

Labarin yana nuna cewa hanya biyu ce ake auna lokacin aiki. Ta farko, mutum ya dubi aikin daga ciki: ya jera matakansa a zuci, ya ba kowane mataki kwanakinsa, ya haɗa. Ta biyu, ya dube shi daga waje: ya manta da nasa tsarin tukuna, ya tambaya kwana nawa irin wannan aiki ya ci a hannun wasu. Kusan kowa ta farko yake bi, domin ita ce ta fi kama da hankali, ita ce kuma take yaudara.

Dalili kuwa shi ne, mutum ba ya iya jera abin da bai faru ba tukuna. Yana ganin aikin da hannunsa zai yi, amma ba ya ganin ciwon da zai kwantar da shi kwana uku, ko rasuwar da za a yi a unguwa, ko kamiyon da zai lalace a hanya da kayan aiki. Kowane ɗaya daga cikinsu ba lalle ne ya auku ba, shi ya sa ba a sa shi cikin lissafi. Amma suna da yawa, har ya zama da wuya aiki ya ƙare ba tare da ko ɗaya ya auku ba. Lissafi yana tabbatar da haka. A ce aiki yana da matakai goma a jere, kowane mataki kuma sau tara cikin goma yakan tafi daidai. Mai aikin zai ga kamar ba abin fargaba. To amma yiwuwar dukan goman su tafi daidai ba ta wuce kashi 35 cikin 100 ba, wato kusan sau biyu cikin uku sai an samu tangarɗa a wani wuri.

Ga kuma wani abu da ba a cika lura da shi ba: sauri yana da iyaka, jinkiri ba shi da ita. Aikin kwana goma, in an yi sa'a ƙwarai, ya ƙare a kwana takwas. In an yi rashin sa'a yana iya kai talatin. Saboda haka kwanakin da sa'a take bayarwa ba sa biyan waɗanda tsautsayi yake cinyewa.

Mai karatu zai ce, ai sai mutum ya ƙaddara mafi muni tun farko. An gwada wannan. A wani bincike da Roger Buehler da abokan aikinsa suka buga a 1994 a ƙasar Kanada, an tambayi ɗaliban jami'a 37 yaushe za su miƙa kundin kammala karatunsu. Matsakaicin amsarsu kwana 34 ne. Da aka ce su ƙaddara kome ya lalace iyakar lalacewa, suka ce kamar kwana 49. Aikin ya ci kwana 55 da ɗoriya, wato ya zarce har mafi munin abin da suka iya zato. Ƙasa da kashi ɗaya cikin uku ne suka gama a ranar da suka faɗa. Kuma waɗannan ɗalibai sun sha makara a baya. Sai dai kowa yana da uzurin da yake ba makararsa ta bara: wancan karon ciwo ne, wancan kuma baƙi ne suka zo. Da yake uzurin yana sakewa kowane karo, mutum ba ya gane cewa makarar ita ba ta sakewa.

A ɗauki misali daga karkara, domin a ga yadda ake gyara lissafin. A ce wata ƙungiyar manoma tana son gina ɗakin ajiyar hatsi na tubalin ƙasa, da rufin kwano, kafin ruwa ya sauka a watan Yuni. Magini ya ce kwana 20: shida na buga tubali, goma na ɗora gini, huɗu na rufi da yaɓe. Bai yi ƙarya ba, kwanakin da hannunsa zai yi aiki ke nan. Amma kwanan aiki daban, kwanan kalanda daban. Ranar kasuwa ba a samun ƴan ɗauko ruwa da masu miƙa tubali, ranar Juma'a ma haka, saura kwana biyar a mako. Kwana 20 na aiki sun zama mako huɗu, wato kwana 28. Tubali kuwa ba a ɗora shi ɗanye. A ba shi kamar mako guda ya bushe, an kai 35. Har yanzu ba a yi maganar ƙofa da ke wurin maƙeri ba, ko kwanon da sai an tara kuɗi an je birni, ko tabkin da ya ƙafe a watan Afrilu har sai an jawo ruwan kwaɓi daga rijiya da guga.

Wannan rarrabewa tana da amfani, domin tana tono kwanakin jira, waɗanda su ne ake mantawa. Amma har yanzu dubawa ce daga ciki. Sai sakataren ƙungiya ya hau keke ya zaga garuruwa biyar na kusa da suka yi irin wannan gini, ya yi tambaya biyu kawai a kowane gari: kwana nawa aka ce, kwana nawa aka yi? A ce ya samo haka: an ce 21 aka yi 35, an ce 25 aka yi 45, an ce 20 aka yi 38, an ce 30 aka yi 60, an ce 20 aka yi 50. In aka jera su, na tsakiya ya kusa ninki biyu, mafi muni kuma ninki biyu da rabi. Ke nan kwana 20 na magini, abin da ya fi yiwuwa shi ne su zama 40, suna kuma iya kai 50. Ƙungiyar da ta yi niyyar farawa ran 10 ga Mayu, tana ganin kwana 20 sun isa, ruwan farko zai tarar da bangonta ba rufi, kuma bangon ƙasa mara rufi ba ya jure ruwa biyu. Wadda ta yi wannan zagaye za ta fara a farkon Afrilu, ko ma ta buga tubalinta tun cikin sanyi, tabki bai ƙafe ba.

A nan ne gardama takan taso. Lalle wani zai miƙe ya ce, mu ai ba kamar su ba ne, magininmu gwani ne, mutanenmu kuma kansu haɗe yake. Mai yiwuwa gaskiya ne, amma kowane gari daga cikin biyar ɗin haka ya ce da kansa. Ba a rage adadin sai da dalilin da ake iya nunawa da yatsa, kamar a ce kwano da ƙofa suna ajiye an riga an biya.

Hanyar tana da iyakokinta. Sai ayyukan da aka kwatanta sun yi kama da juna: ba a auna ginin siminti da na ƙasa, ko rijiyar da ta ci karo da dutse da wadda aka gina cikin rairayi. Tunanin mutane kuma yana rage kwanakin da suka wuce, don haka abin da aka rubuta a kaye ya fi abin da aka tuna. Sa'an nan akwai haɗarin da wani marubuci ɗan Ingila, Northcote Parkinson, ya yi ba'a da shi a 1955, cewa aiki yakan kumbura ya cika duk lokacin da aka ba shi. In aka ce ma magini yana da kwana 50, to 50 ɗin zai ci. Shi ya sa masu lura da aiki sukan riƙe rana biyu: ranar da ake nufa, wadda ake faɗa ma masu aiki, da ranar da ake alkawari, wadda ake faɗa ma hukuma ko mai ba da rance. Kwanakin da ke tsakani suna hannun shugaba, ba a rarraba su ga kowane mataki.

Ga manyan ayyukan gwamnati abin yana da wani ƙari, domin ɗan kwangila ya san wanda ya faɗi gajeren lokaci da ƙaramin kuɗi shi ake ba aiki. Nan ba kuskure kaɗai ba ne, har da dabara. Saboda haka ne a 2003 baitulmalin ƙasar Ingila ya umarci ma'aikatu su riƙa ƙara wani kaso bisa kuɗi da lokacin da aka ƙiyasta, gwargwadon yadda ayyuka masu kama da su suka zarce a baya.

Bayan an fara aiki ma ana iya gane inda aka nufa tun da wuri. In buga tubali da aka ba kwana shida ya ci goma sha biyu, magini zai ce zai rama a wurin ɗora gini. Da wuya a rama, domin ƙarancin ruwa da na hannu da suka jinkirta tubali suna nan suna jiran bango. Abin da ya dace shi ne a ninka kwana 14 da suka rage su zama 28, a ƙara makon bushewa, a kuma sanar da ƴan ƙungiya sabuwar ranar a taron wannan makon.