Koyarwa da Majigi Ba Tare da Karanta Allo Ba

Idan muka cika shafin majigi da rubutu, sa'an nan muka juya muna karanta shi da ƙarfi, jama'a sukan riga mu kai ƙarshe, domin ido ya fi baki sauri. Kafin mu gama layi na biyu sun gama shafin, sun zauna suna jiranmu. Saboda haka sai mu raba aiki: allo ya ɗauki abin da ido yake bukata, bakinmu kuma ya ɗauki bayani.

Bari mu ɗauki misali. A ce an ba mu minti 20 mu koyar da dattawan ikkilisiya tafiyar Bulus ta fari, daga Ayyukan Manzanni sura 13 da 14. Shafi biyar sun isa. Na fari taswira ce mai nuna hanya daga Antakiya ta Suriya zuwa Kubrus, da Antakiya ta Bisidiya, da Ikoniya, da Listira, da Darba. Sauran huɗun kuwa, kowanne ya ɗauki sunan wuri da 'yan kalmomi kaɗan.

A shafin Listira za mu iya rubuta wannan kawai: "Listira: sujada, sa'an nan jifa (14:8-20)." Sauran labarin daga bakinmu zai fito: yadda aka warkar da gurgu, yadda taron ya ɗauki Bulus da Barnaba alloli ne, da yadda Yahudawa daga Antakiya da Ikoniya suka zuga mutane har aka jejjefi Bulus. Da shafin ya bayyana, mu yi shiru kaɗan su karanta, sa'an nan mu dube su mu fara.

Ina za mu ajiye abin da za mu faɗa? A ƙaramar takarda a hannu, ko a wurin Notes na PowerPoint. Idan an kunna Presenter View, mu kaɗai muke ganinsa a kwamfuta. In muna so hankali ya dawo kanmu, mu danna B, allon zai yi baƙi har sai mun sake dannawa.

Nassi kam ana karanta shi da murya. Idan mun sa aya a allo, mu karanta ta daga Littafi Mai Tsarki da ke hannunmu, ko jama'a su karanta tare. Mu kuma tuna da waɗanda ba su iya karatu ba, da na kujerun baya: duk abin da ke allon ya fito cikin bayaninmu, da kalmominmu.

Kafin ranar, mu rufe kwamfuta mu koyar da darasin da ƙarfi, muna duban agogo. Duk inda muka tsaya cik, nan ne ba mu riƙe darasin ba tukuna, sai mu koma ga nassin. Wanda ya yi haka, ko an ɗauke wuta a tsakiyar koyarwa zai ci gaba.